Kafin ka hau motar Abuja, tambayi inda za ka kwana

Tambaya: Malam, shekaruna 23, daga wani ƙauye nake kusa da Saminaka. Na gama sakandare, ina noman masara tare da mahaifina. Abokina da ke Mararraba ya ce in sayar da rabona na gona in zo Abuja, wai aiki sai wanda na zaɓa. Baba kuma ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kai da ka daɗe a harkar gini a can, matashi irina ya tafi birni neman aiki ko ya zauna?

Amsa: Ƙanena, ra'ayina shi ne ka tafi, amma ba irin tafiyar da abokinka ya tsara maka ba. Ba na cikin masu cewa matasa su zauna a ƙauye ko ta halin ƙaƙa, domin akwai sana'o'in da ba ka iya koyonsu sai inda ake yinsu kullum, kuma a birni ake yinsu. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya taso neman aiki haka kawai, bai san wurin wa zai je ba, bai san inda zai shimfiɗa tabarmarsa ba. A Abuja abubuwa biyu ne ke raba wanda ya ci riba da wanda ya koma gida da jaka kawai: nisan da ke tsakanin makwancinsa da wurin aikinsa, da kuma ko aikin yana ƙara masa wani abu a hannu ko ƙarfinsa kawai yake sha. Gona kuwa kada ka sayar, zan zo kan wannan.

Sai ka fara sanin yadda garin yake, don ba kamar Kano ko Zariya ba ne, inda mai kuɗi da talaka ke iya zama a unguwa ɗaya. A 1976 aka yi dokar kafa Abuja, aka zana ta a takarda, gwamnati ta tare a cikinta a watan Disamba na 1991. Waɗanda suka zana ta sun ware wa ofisoshi da manyan gidaje wuri, amma lebura da mai gadi da mai shayi ba su sami gurbi a tsakiyar gari ba. Shi ya sa aikin yana Maitama, Guzape, Jahi, Katampe da Gwarimpa, masu yin aikin kuma suna kwana a Nyanya, Mararraba, Masaka, Deidei, Zuba ko Suleja. Mararraba da abokinka yake ma ba a cikin Abuja take ba, jihar Nasarawa ce. Duk safiya sai mutanenta su kwararo kan titi ɗaya, na Keffi zuwa Abuja, su bi ta Nyanya da tudun Kugbo kafin su kai shataletalen AYA. Wanda ke son isa wurin aiki ƙarfe bakwai da rabi, da ya idar da sallar asuba zai fito. Da can wahalar lokaci ce kawai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, sai wahalar ta koma ta aljihu.

Bari mu yi lissafi da aikin da mafi yawan sababbin zuwa ke faɗawa, wato leburanci a wurin gini. Alƙaluman misali ne, kai ka sa farashin ranar da za ka taso a gurbinsu, amma ka bar tsarin lissafin yadda yake. Mu ƙaddara ana biyan lebura naira 6,000 a yini. Abokinka zai ninka maka wannan sau talatin ya ce ka ga 180,000 ke nan a wata. Babu leburan da ke yin kwana talatin. Ranar Lahadi yawancin wurare a rufe suke. Wata rana siminti ya ƙare, wata rana motar yashi ba ta zo ba, wani lokaci mai gidan ya yi tafiya aiki ya tsaya mako guda cur. Wanda ya sami kwana 18 a wata ya yi sa'a, kuɗinsa 108,000.

To daga Mararraba zuwa Jahi mota biyu za ka hau, zuwa da dawowa mu ce 2,000. Kwana 18 ya ba ka 36,000. Ka ƙara kwana huɗu da za ka je ka tsaya a bakin titi da sheburinka har rana ta take ba wanda ya ɗauke ka, kuɗin motarsu 8,000. Abinci kuwa ba ruwansa da ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, kuma mai ɗaukar kwanon kankare ba ya rayuwa da shayi da biredi. In kana saye a wurin mai abinci, sa 2,500 a yini, 75,000 a wata. Haɗa su: 119,000. Ka riga ka ci bashin 11,000, ba ka biya ɗaki ba, ba ka sayi sabulu ba, ba ka aika wa Inna ko sisi ba. Ɗakin kuma na shekara ake biya a dunƙule, ga kashi goma na ejan, ga wani abin da ake karɓa na rubuta yarjejeniya. Ɗakin 240,000 sai ya tashi kusan 290,000 kafin a miƙa maka makulli, shi ya sa za ka ga samari huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya.

Yanzu ɗauki wannan leburan, da kuɗinsa na 108,000, ka kwantar da shi a wurin aikin, a cikin kangon da ake ginawa ko a bacar da aka kafa wa ma'aikata da kwano da katako. Kuɗin mota ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Su huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi mudun shinkafa da wake suna dafawa da guntayen katakon da kafintoci suka zubar, abinci ya sauko 1,500 a yini, 45,000 a wata. Cire 8,000 na sabulu, katin waya da maganin ciwon jiki. Saura 55,000 a hannunsa. Ka ga mutum ɗaya ne, aiki ɗaya, lada ɗaya, makwanci kaɗai ya mai da bashin 11,000 ya zama ajiyar 55,000. Akwai ƙari ma: wanda ke kwana a wurin shi ake fara kira in tirelar siminti ta iso da dare ko za a yi zubin dakin, wato kankaren saman bene, da sassafe, kuma waɗannan ayyukan kuɗinsu daban ne. Kwanan kango ba daɗi, ga sauro, ga sanyin hunturu, ga shi in kaya ya ɓace ku ake fara tuhuma. Amma duk wanda na sani ya tara abin kirki a shekararsa ta farko, ta nan ya bi.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa abokinka ba ta albashi ba ce. Ka ce masa: a ina zan kwana, kuma daga nan zuwa wurin aikin ƙafa ce ko mota? In ya fara cewa kai dai ka zo, Allah zai rufa asiri, to ka san hangen Dala yake yi maka, ba shiga birni ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina. Ko ka ajiye 55,000 duk wata, leburanci ba inda yake kai mutum. Kuɗin da ake ba ɗan shekara 23 shi ake ba ɗan shekara 45, sai dai na biyun ba a cika ɗaukarsa ba don bayansa ya fara ciwo. Gadi ma haka yake. Yana da daɗin cewa ɗaki na bakin ƙofa kyauta ne, wani maigidan har abinci yake bayarwa, amma bayan shekara biyar abin da ka iya shi ne buɗe ƙofa da wanke mota. Kada kuma ka ji an ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun 2024 ka ɗauka naka ne. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba. Mai gadin gidan mutum ɗaya abin da suka shirya da maigida shi ne albashinsa.

Ƙananan sana'o'in da yayyenku suka shigo Abuja da su ma ƙofarsu ƙara tsukewa take yi. Tun 2006, lokacin Nasiru El-Rufa'i yana minista, aka hana acaɓa a tsakiyar gari, kuma har yau ana kama babura, an sha murƙushe waɗanda aka kama. Jami'an hukumar kare muhalli suna kwashe kayan masu talla a manyan tituna. An kuma hana 'yan bola yawo a cikin gari. Wanda ya sayar da gona ya sayi babur ya shigo da shi, yana iya rasa jarinsa duka a yammaci ɗaya, kuma ba shi da inda zai kai ƙara tunda doka ya karya.

Abin da birni ke da shi wanda ƙauyenku ba shi da shi shi ne gine-ginen da ake ƙawatawa. A can gida birkila da kafinta sun isa. A nan bayan an ɗora rufi ne ma kuɗi ke fara fita: shimfiɗa tayil, aikin silin, aikin famfo, wayarin, walda, tagogin alminiyam, fenti, haɗa sola. In za ka zo, saboda ɗaya daga cikin waɗannan za ka zo, leburancin ya zama abin da zai riƙe ka kafin ka kama.

Ɗauki tayil, tunda shi na fi gani a kusa. Mai tayil ba a biyansa da yini, da sukwaya ake biyansa, wato murabba'in mita. Kwalin tayil mai faɗin santimita 60 a kowane gefe guda huɗu ne a ciki, yana rufe sukwaya ɗaya da kusan rabi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi yana cin sukwaya 13. Wanda hannunsa ya faɗa, shi da yaronsa, yana shimfiɗa sukwaya 15 na daɓe a yini ba tare da ya ruga ba. In an yi ciniki a 1,500 kowace sukwaya, ya tashi da 22,500, ya sallami yaro da 5,000, saura 17,500. Kusan ninki uku ke nan na abin da lebura ya samu, kuma a inuwa. Kayan aikin ba su fi ƙarfin mai tara kuɗi ba: lebul, cokalin gini, gudumar roba, igiya, abin yanka tayil da giranda. Mutum yana iya sayensu ɗaya bayan ɗaya daga ajiyar rani biyu.

Yadda ake shiga kuwa ba ta takarda ba ne. Kana lebura a wurin, ka lura da mai tayil ɗin da aikinsa ya fi kyau, ka riƙa kai masa ruwa da kwaɓa masa siminti ba tare da ya roƙa ba, sannan ka sa wani babba ya yi maka magana. Watannin farko kwaɓi za ka yi ta yi da ɗaukar kwalaye da goge siminti. Daga nan a ba ka cike tsakanin tayil, sannan yanka, sannan a bar maka sito ko bayan ƙofa inda kuskure ba zai fito fili ba. Abin da za a riƙa ba ka a lokacin bai kai kuɗin lebura ba, kuma a nan ne mafi yawan yara ke gudu, su koma ɗaukar kwano saboda bambancin naira dubu biyu. Mai haƙuri kuma mai ido yana iya karɓar ɗaki shi kaɗai cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Ba kowane oga ne ya cancanci ka ba shi shekarunka ba, kuma aikinsa zai gaya maka tun kafin bakinsa. Shiga ɗakin da ya gama, ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da bayan makulli. In ka ji yana amsawa kamar fanko, bai cika ƙasan da siminti ba, ɗigo-ɗigo ya sa don ya yi sauri, kuma wannan tayil ɗin fashewa zai yi da an ɗora masa gado. Zuba ruwa a banɗakin da ya yi ka ga ko zai gangara magudana da kansa ko zai kwanta a lungu. Duba layin da ke tsakanin tayil daga ƙofa zuwa bango, ya miƙe ko ya karkace. Sannan ka tambayi yaransa a gefe: wa ya taɓa fita daga hannunsa ya zama oga? In shekara da shekaru ba ko ɗaya, mai neman ɗan kwaɓi ne na har abada, ba malami ba.

Wani abin da ke karya sababbin zuwa shi ne cin kuɗin aiki. Mai gida ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba shugaban leburori, kai ne na ƙarshe a layi. Duk inda kuɗin ya maƙale a sama, kanka zai ƙare. Ka shirya tun ranar farko cewa kullum za a sallame ka, ko kuma duk Asabar, kuma ka riƙa rubuta kwanakinka a littafi a gaban shugaban leburorin. Alamar wurin da kuɗi ya yanke ba ta ɓuya: motocin kaya sun daina shigowa, injiniya ya daina zuwa, an fara cewa sai Alhaji ya dawo. Da Asabar biyu sun wuce ba biya, tsaya da aikin. Masu ci gaba da yi don kada kuɗinsu na baya ya salwanta su ne ke wayar gari suna bin bashin wata uku, ɗan kwangila ya kashe waya. In kuma ka ga an shafa jan fenti a katangar ginin, alamar hukuma ce ta dakatarwa ko rusau, kada ka bar kuɗinka ya kwana a wurin. Ka zo da katinka na ɗan ƙasa a jikinka, domin baƙon da aka tsinta a kango da dare ba shi da shaida, bayaninsa ba ya da tsawo a wurin jami'an tsaro. Motar haya kuma ka riƙa shiga a tasha, don 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, sun fi samun wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin titi da magariba.

Na ji maganar Baba, kuma ba ta faɗi ƙasa ba. Sai dai kakanninmu sun daɗe da samo mafita, ita ce cin rani. Aikin gini ya fi tafiya daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ba ya tsayar da zubin kankare, kuma daidai lokacin ne gonarku ba ta bukatarka. Ka cire masara, ka kai ta rumbu, ka taso a Disamba, ka koma a Mayu kafin shuka da kuɗin taki a aljihu. Manomin masara ya san taki ne ke raba buhu goma da buhu talatin a gona ɗaya, kuma rashin kuɗinsa a watan Yuni ne ke sa mutum karɓar bashin da zai biya da masara a farashin kaka. Kuɗin rani ɗaya a nan yana iya fitar da gidanku daga wannan tarkon. Gonar kuma ita ce ke ba ka bakin cewa a'a. Wanda ke da hatsi a gida yana iya barin ogan da ke cin kuɗinsa. Wanda ya sayar da gonarsa dole ya haƙura da kowane wulaƙanci, don ba shi da wurin komawa, kuma kuɗin gonar ba za su wuce hayar ɗaki da cin 'yan watanni ba.

Akwai wanda zan ce wa ya yi zamansa. In kuna da fadama da injin ban ruwa, kana noman tumatir, albasa ko barkono da rani, to ranin naka ya riga ya sami aiki, kuma kai ne oga a ciki. Barin wannan don ɗaukar kwanon wani a Katampe ci baya ne. Haka wanda ke da mata da 'ya'ya kuma ba mai riƙe masa su, lissafin da muka yi a sama ba ya ɗaukar tukunya biyu.

Kada kuma ka ɗauka birni Abuja ce kaɗai. Jos tana kusa da ku, ta Jengre, kana iya zuwa ka ga gida ka koma a yini ɗaya. Haya da abinci sun fi sauƙi, kuma unguwannin da ake kwana ba su da nisa da wuraren sana'a irin Dilimi, kasuwar Katako da Farin Gada. Ladan aiki bai kai na Abuja ba, amma a lokacin koyo ba lada kake nema ba, inda za ka iya jure shekara biyu da ɗan abin da ake ba ka kake nema. Na ga samari da dama da suka koyi walda ko aikin famfo a Jos suka shigo Abuja da sana'arsu a hannu, kuma shigarsu ta fi ta wanda ya fara daga shebur. Sai dai tun rikicin 2001 unguwannin Jos sun rarrabu, baƙo yana bukatar ɗan gari ya nuna masa inda zai zauna da inda zai bi.

To ga hukuncina a kanka kai ɗin nan. Ka yi daminar bana tare da Baba har a kai amfani gida. Kafin Disamba, ka sa abokinka ya haɗa ka a waya da mutumin da zai ɗauke ka, ka ji daga bakinsa nawa ne, yaushe ake biya, ina ake kwana, kuma akwai masu tayil ko masu famfo a wurin ko har yanzu tushe ake haƙa. In an amsa maka waɗannan, ka taso da kuɗin motar komawa a ɗaure daban, wanda ba za ka taɓa ba ko yunwa ta matsa, da abin da zai ciyar da kai mako biyu. In ba a amsa ba, nemi wani a Jos ta hannun dangi. A watan Mayu ka zauna da Baba ku duba abin da ka kawo da abin da ka koya. In akwai kuɗin taki kuma akwai ogan da ya ce ka dawo masa, ka koma rani na biyu, wannan karon a matsayin yaronsa, ka fara da sayen lebul da gudumar roba.